Soya danyen kofi a kasko

Tambaya: Na samo danyen wake na kofi, ina soyawa a kasko amma waje ya ƙone ciki ɗanye, yaya zan yi?

Wutarka ce ta yi yawa malam. Sa kasko mai kauri bisa garwashin da ya lafa, wake kaɗan yadda ba za su hau juna ba, ka yi ta juyawa hannu bai tsayawa. Zai tashi daga kore ya koma rawaya, sannan ruwan ƙasa, wajen minti 8 zuwa 12 sai ka ji ƙas ƙas kamar ana karya tsinke, fashewar farko kenan, to daga nan ya shawu. Ni minti ɗaya ko biyu nake ƙarawa in sauke, in ya fara sheƙin mai, ɗaci zai yi. Juye a faifai ka sheƙe a tsakar gida, iskar Damagaram ta kwashe ɓawon.