Yadda ake nuna madogara a silaid ba tare da cunkoso ba

*"Assalamu alaikum, Yaya. Na samu gurbin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a ƙasar waje, kuma an ce ana yawan gabatar da aiki da majigi. Idan na rubuta cikakkiyar madogara sai ta cinye rabin silaid, idan na bar ta kuma ina tsoron a ce na yi satar fasaha. Ya zan yi?"*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya albarka a karatun.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, madogara a silaid kashi biyu ce. Akwai gajeriya, wadda take zama a kan silaid ɗin da bayanin ya fito, akwai kuma cikakkiya, wadda take komawa silaid na ƙarshe tare da sauran manazarta. Aikin gajeriyar shi ne ta sanar da mai kallo wanda ya faɗi maganar da shekarar da ya faɗe ta, yadda zai gane ta da kallo ɗaya alhali kunnensa yana kan jawabinki.

A ce kin rubuta cewa rashin abinci mai gina jiki yana da hannu a kashi 45 cikin 100 na mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wannan adadi yana cikin maƙalar da Robert Black da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet a 2013. Cikakkiyar madogararta, da sunayen marubuta da take da shafuka da DOI, wato lambar da ake gano maƙala da ita a intanet, za ta ci layi uku ko huɗu, amma a ƙasan silaid wannan ya wadatar:

```
Black et al., 2013, Lancet
```

Tsarin rubuta madogara na APA, bugu na 7, ya yarda a taƙaita da `et al.`, wato "da sauransu", tun daga ambaton farko idan marubuta sun kai uku. Idan biyu ne, sai a rubuta sunayen duka. Sunan mujalla ba ya cikin ƙa'idar gajeren ambato, amma ni ina ƙara shi, domin masana da ke zaune a ɗakin suna auna nauyin magana da inda aka buga ta. Shekara kuwa ba a yin sakaci da ita, saboda Black ya jagoranci wata maƙalar a kan wannan batu a mujallar a 2008, kuma alƙalumanta daban ne, don haka wanda ya bar shekara ya bar mai duba aikinsa cikin ruɗu.

Idan sashenku yana bin tsarin lambobi irin na Vancouver, wanda aka saba da shi a fannonin lafiya, ki lura da wata matsala. Lamba kamar `[4]` tana aiki a takarda domin mai karatu yana iya juyawa ƙarshe ya duba, amma mai kallon majigi ba shi da wannan damar. Ki sa lambar a gefen bayanin, sannan ki maimaita ta a ƙasan silaid tare da suna da shekara.

Hotuna da jadawalai su ne inda malamai suka fi sa ido. Idan kin ɗauko jadawali yadda yake, ki rubuta `Source:` kafin sunan. Idan kin sake zana shi ko kin cire wani ɓangare, ki rubuta `Adapted from`, idan kuma alƙaluman kawai kika ɗauka kika zana naki, ki rubuta `Data:`. Bambancin yana da muhimmanci, domin shi ne yake nuna wanda za a tuhuma idan zanen ya karkatar da ma'ana. Haka nan sunan shafin bincike da kika samo hoto ta cikinsa ba madogara ba ne, sai kin bi hoton har wurin mai shi. Idan yana ƙarƙashin lasisin `CC BY`, wanda ya ba kowa damar amfani da shi, dole ne sunan mai shi da na lasisin su fito.

Game da tsari, ki ware wa madogara wuri guda a ƙasan kowane silaid, da rubutu mai girman 10 zuwa 12, launin toka mai duhu, alhali ainihin bayanin yana kan 24 ko fiye. A PowerPoint, ki shiga `View`, ki zaɓi `Slide Master`, ki danna tsarin silaid ɗin da kike amfani da shi a jerin gefen hagu, sannan ki yi amfani da `Insert Placeholder` ki kafa akwatin rubutu sau ɗaya, ta yadda ba zai riƙa tsalle daga silaid zuwa silaid ba. Ki ɗaga shi kaɗan daga bakin ƙasa, domin kawunan mutanen sahun gaba kan rufe wurin. Dogon adireshin intanet ya tafi silaid na ƙarshe.

Idan kika ga madogara ta wuce layi biyu a silaid ɗaya, yawanci bayanin ne ya yi yawa, sai ki raba shi gida biyu. Kafin ranar gabatarwa, ki haska aikin a majigi, ki koma kujerar baya ki gwada karanta sunan da shekarar, sannan ki bi gajerun madogaran ɗaya bayan ɗaya ki tabbatar kowace tana da cikakkiyarta a silaid na ƙarshe.