"Suna ji, amma ba sa mayarwa": yadda ake auna ran harshe

Tambaya: Malam, na daɗe ina tunani a kan kalmar "ji" da muke amfani da ita wajen harshe. Yaren iyayenmu, ni da 'yan'uwana duk muna yin sa. 'Ya'yanmu kuwa suna ji, amma ba sa mayarwa. Dattawanmu na cewa babu abin damuwa tunda yaran suna ji, kuma har yanzu muna da yawa. Shin "ji" ɗin nan ya isa a ce yare yana da rai? Ta yaya ake ganewa?

Amsa: 'Yar'uwa, kin taɓo wuri mai muhimmanci, domin kalmar "ji" ita ce ta fi kowace kalma ruɗar da mu a wannan batu. A Hausa idan aka ce wane yana jin Larabci, nufi shi ne ya iya harshen gaba ɗaya, yana fahimta kuma yana magana. Amma wannan "ji" ɗin dai shi ne na kunne, wato a yi magana ka gane abin da aka faɗa. Kalma ɗaya ce ta ɗauki kaya biyu. Shi ya sa idan dattijo ya ce jikokinsa suna jin yaren, bai yi ƙarya ba, sai dai mai saurare zai ɗauka ma'ana ta farko ake nufi, alhali ta biyun ce. Bahaushe da kansa ya lura da giɓin, shi ne ya ƙara "amma ba ya mayarwa". To wannan ɗan ƙarin shi ne ainihin abin da masu nazarin harsuna suke aunawa.

Dalilin a fili yake. Harshe ba ya shiga jini yadda kamanni suke shiga, ta baki yake ratsawa daga babba zuwa yaro. Yaron da yake fahimta kawai zai girma ya yi aure ya haihu, kuma ba zai yi wa jaririnsa rarrashi da harshen da bai saba furtawa ba. Ɗansa ba zai ji komai ba, ko na kunnen. Saboda haka mai ji ba ya mayarwa shi ne ƙofa ta ƙarshe da harshen yake tsayawa a kai a wannan gidan. Kaka ta iya sosai, uwa ta iya harsuna biyu, ɗa yana ji kawai, jika kuma sai gaisuwa da 'yan kalmomi. Zuriya uku zuwa huɗu sun isa.

Wani masani mai suna Joshua Fishman ya fitar da ma'auni mai hawa takwas a 1991, ya kuma nuna cewa hawa na shida, wato inda yara suke koyon harshe a gida da unguwa daga bakin manya, shi ne ginshiƙin sauran. A 2003 kwamitin masana na UNESCO ya kawo abubuwa tara da ake dubawa, kuma na farko a cikinsu shi ne miƙa harshe daga zuriya zuwa zuriya. Matakan nasu suna da sauƙin riƙewa. Idan yawancin yara suna magana da harshen amma a wasu wurare kawai, kamar cikin gida, to yana da rauni. Idan yara sun daina koyon sa a matsayin harshen uwa, haɗarin ya tabbata. Idan sai kakanni ne suke yin sa, iyaye suna ganewa amma ba sa yi da juna ko da yara, haɗarin ya tsananta. Idan kuma kakannin ma jefi-jefi suke yi, da gutsure-gutsure, ya kai gargara. Bisa abin da kika faɗa, yarenku ya fi kama da mataki na biyu, aƙalla a cikin danginku.

Ki lura babu inda aka ambaci yawan mutane a waɗannan matakai. Yawa yana cikin abubuwa taran, amma shi kaɗai yana yaudara. Al'umma mai mutum dubu biyu da kowane yaro a cikinta yake wasa da harshensu ta fi tsira a kan mai dubu ɗari biyu da ƙaramin mai iya harshen cikinta ya haura shekara hamsin. Saboda haka tambayar farko da nake yi wa kowa ita ce: shekarun ƙaramin wanda yake magana da harshen ba tare da in-ina ba nawa ne? Idan amsar shekara 25 ce, to kusan shekara 20 ke nan da igiyar ta tsinke, ko da kuwa babu wanda ya ji ƙarar tsinkewarta.

Yanzu ga yadda za ki auna da kanki. Ki zaɓi gidaje kamar talatin, kada su zama na danginki kaɗai, ki haɗa da gidajen da miji da mata yarensu ɗaya da waɗanda aka yi auratayya da wasu. A kowane gida ki raba mutane gida uku, kakanni da iyaye da yara. Kada ki tambayi kowa "kana jin yaren?", domin kowa zai ce i, wani don kunya, wani don kishi, wani kuma don ma'anar nan biyu da muka faɗa. Karin maganarmu ta ce gani ya kori ji, kuma a nan ta zauna daram. Ki zauna ki saurara, ki rubuta wa yake magana da wa, da wane harshe. Kaka da kaka, uwa da uba, uwa zuwa ga ɗa, ɗa zuwa ga uwa, sannan yaro da yaro.

Biyun ƙarshen su ne suka fi faɗin gaskiya. A ce uwa ta ce wa ɗanta da yarensu ya ɗauko mata abu a ɗaki. Ya tashi ya ɗauko, ashe ya gane. Amma da ya dawo yana so ya gaya mata inda ya same shi, da wane harshe ya faɗa? Idan ya juya zuwa babban harshen yankin, ita kuma ta bi shi ta amsa da wannan harshen, ki sa alama. Sannan ki kasa kunne lokacin da yara suke wasa babu babba kusa, musamman idan faɗa ya kaure. Harshen da yaro ya yi gardama da shi, ya yi kuka ya kai ƙara da shi, shi ne harshensa na gaske. Ki kuma kwatanta yayye da ƙanne a gida ɗaya. Sau da yawa babban ɗa ya iya, na tsakiya yana mayarwa da ƙyar, auta kuwa ji kawai, domin yayyen sun shigo da harshen makaranta cikin gida kafin auta ya buɗe baki. Wannan gangaren a cikin gida guda yana nuna miki shekarun da sauyin ya faru.

Akwai wani bincike da nake yawan tunawa a nan. A shekarun 1980 wani masani, Don Kulick, ya zauna a wani ƙaramin ƙauye mai suna Gapun a ƙasar Papua New Guinea, inda ake harshen Tayap. Ya tarar yaran da ba su kai shekara goma ba sun daina magana da shi, sai Tok Pisin, babban harshen hulɗa na ƙasar. Iyayen suna son harshensu, ba su taɓa yanke shawarar barin sa ba, kuma suna ɗora laifin a kan taurin kan yaran. Da ya saurara da kyau, sai ya ga manyan ne idan suna so ƙaramin yaro ya kula da maganarsu suke komawa Tok Pisin, kuma yayyen da suke renon ƙannensu da shi suke yi musu magana. Wannan labarin yana taɓa ni, domin babu mugun nufi a cikinsa ko kaɗan. Mutanen kirki ne masu ƙaunar abinsu, abin yana zamewa daga hannunsu suna kallo ba su sani ba. Da tambaya kawai aka yi musu, da an dawo da rahoton cewa lafiya lau.

Ma'auni na biyu shi ne fagagen da ake amfani da harshen: gida, wasan yara, ciniki, wurin aiki, wurin ibada, makaranta, ofisoshin hukuma, sai sababbin fagage irin su rediyo da saƙon waya. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ga wane harshe ne yake mulki a kowanne. Amma kada ki ƙirga su kamar duk nauyinsu ɗaya. Harshe yana iya rasa ofis da makaranta ya rayu shekaru aru-aru, muddin gida da filin wasa suna hannunsa, kowane harshe yana tsaye a fagensa. Matsalar tana farawa ne ranar da babban harshen ya tsallako bakin ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi hatsari ita ce maganar yara a junansu. Alamar da ke biyo baya ita ce ƙaramin harshen ya koma na gaisuwa, na waƙar taro, na faɗa idan rai ya ɓaci, da na sirri idan manya ba sa so yara su gane. Wannan na ƙarshen shaida ce mai ƙarfi, domin ba a yin sirri da harshen da yara suka iya.

Akasin haka ma yana faruwa, harshe ya mallaki manyan fagage ya rasa na gida. A Jamhuriyar Ireland, harshen Irish shi ne harshen hukuma na farko a tsarin mulki, kuma ana koyar da shi a makarantu. A ƙidayar 2022 kusan mutum miliyan 1.9 suka ce sun iya shi, amma waɗanda suke magana da shi kullum a wajen makaranta kimanin dubu 72 ne. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce tazarar da ke tsakanin "ji" da "mayarwa". Shi ya sa Māori, 'yan asalin New Zealand, da suka tashi ceto harshensu, suka fara buɗe gidajen reno a 1982, inda tsofaffi suke wuni da ƙananan yara suna yi musu magana da harshen zalla.

Ma'aunin yana da iyaka, kuma ya kamata ki san ta. Gidaje talatin suna ba ki labarin wurin da kika duba ne kawai. Yare ɗaya yana iya zama ya tsinke a birni alhali yana nan da ƙarfinsa a karkara, don haka ki auna wuri biyu ko uku kafin ki yanke hukunci a kan harshen baki ɗaya. Kuma zamanki a wurin yana sauya bakin mutane, za su ƙoƙarta su yi yaren saboda sun san abin da kika zo nema, sai kin koma sau da yawa har sun manta da ke. Kada kuma cakuɗa harsuna ta firgita ki, domin aron kalmomi ba ciwo ba ne, kowane rayayyen harshe yana aro. Abin dubawa shi ne ko yaro zai iya ba da labarin abin da ya same shi jiya daga farko har ƙarshe, ginin jimlolinsa na yaren ne, ko da kalmomin aro sun shiga.

Game da maganar dattawanku, suna da gaskiya ta ɓangare ɗaya. Yaron da yake ji ya riga ya tara sautuka da kalmomi da yawa a kansa, kuma buɗe bakinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan koya wa wanda bai taɓa ji ba. Ku iyayen kuma har yanzu kun iya, wanda shi ne abin da harsunan da suka kai mataki na uku suka rasa. Ki fara aunawar daga gidanki. Mako guda, duk lokacin da ɗanki ya amsa miki da wani harshe, ki lura da harshen da ke kika ci gaba da shi a jimlarki ta gaba.