Amsoshin tambayoyinku: kalkuleta ko sauyin Bernoulli?

Tambaya: Malam, ina shekara ta biyu a sashen injiniya. Ikweshin irin dy/dx + y/x = xy² ya hana ni sakat. Shin in sayi kalkuleta mai warware irinsa ne, ko akwai hanyar da zan bi da hannu?

Amsa: Ɗalibi, ajiye kuɗinka. Wannan shi ne ikweshin Bernoulli, wanda Jacob Bernoulli ya gabatar a 1695, kuma siffarsa ita ce dy/dx + P(x)y = Q(x)yⁿ. Matsalar duka tana wurin yⁿ da ke hannun dama. Da babu ita, da liniya ne, irin wanda ka riga ka iya. Maganinta kuwa sauyi ɗaya ne tak: v = y^(1−n).

A naka n = 2 ne, don haka v = 1/y. Raba kowane ɓangare da y², sai ka samu y⁻²(dy/dx) + 1/(xy) = x. Tun da dv/dx = −y⁻²(dy/dx), ikweshin ya koma:

dv/dx − v/x = −x

Ka ga y² ta ɓace. Yanzu ninka duka da 1/x, hannun hagu zai dunƙule ya zama d(v/x)/dx, na dama kuma −1. Ka yi intigireshin, v/x = C − x, wato v = Cx − x². Sai ka mayar da y: y = 1/(Cx − x²).

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne alamar ragi. Sukan manta cewa 1−n tana ninka P da Q gaba ɗaya, a nan kuwa −1 ce. Wanda ya mance zai ninka da x maimakon 1/x, amsa ta karkace tun daga nan. Gane kuskuren ba shi da wuya: mayar da amsarka cikin ikweshin na asali, in ɓangarorin biyu ba su yi daidai ba, koma ka duba alamar.

Akwai kuma abin da nake so ka riƙe sosai. Lokacin da muka raba da y², mun ɗauka y ba sifili ba ce. Amma y = 0 ita ma amsa ce, kuma babu wata C da za ta ba ka ita, saboda haka ka rubuta ta daban. Haka nan idan aka ce y(1) = 1, C za ta zama 2, amsar kuma tana aiki ne kawai tsakanin x = 0 da x = 2, domin a waɗannan wurare biyu ƙasan kason yana zama sifili. Mai duba takardarka matakan nan yake nema, kalkuleta kuwa layin ƙarshe za ta miƙo maka.

Kafin ka fara sauyi, duba n. In 0 ce ko 1, ikweshin liniya ne tun asali, ba ya buƙatar v.