Haɗa fuska a Photoshop: riƙe kuɗinka, gyara burushinka

"Wata hajiya ta kawo tsohon hoton mahaifinta marigayi, tana so in ɗora fuskarsa kan wani mai babbar riga. Na yi, amma gefen fuskar ya fito kamar an liƙa. In sayi allon zane mai biro ne?" (Mai situdiyo, Tudun Wada)

Ƙanena, kwantar da hankalinka, mawus ɗinka ya isa. Ina kyautata zaton Eraser ka sa, shi kuwa abin da ya goge ya tafi ke nan.

Ka yanko fuskar da Lasso Tool, ka bar mata rara har goshi da ƙasan haɓa, ka ajiye ta a layer nata daban a kan hoton mai rigar. Rage Opacity zuwa 50% don ka hango fuskar ƙasa, ka danna Ctrl+T, ka daidaita ido kan ido, sannan baki. Mayar da Opacity 100%, ka danna Add Layer Mask. A kan mask ɗin, baƙi ɓoyewa yake, fari kuma dawo da abu, harafin X ke sauya su. Ka sa Hardness na burushi 0%, Flow kamar 15%, ka riƙa shafa gefen kumatu a hankali. Amma bakin hula da wuyan riga suna son burushi mai ɗan kaifi, in ba haka ba sai wurin ya yi hazo.

Idan har yanzu ana ganin iyaka, launin fata ne bai zo ɗaya ba. Ɗora layer na Curves a saman na fuskar, ka danna Ctrl+Alt+G don ya taɓa fuskar kaɗai, ka gyara har ta dace da wuya. Ka kuma duba inuwar hanci. In haske ya bugi marigayin daga hagu, mai rigar kuma daga dama, nemi wani hoton rigar kawai. Kada ka juya fuskar, 'ya'yansa za su ga ba shi ba ne.

"Za a iya ɗora fuskar budurwar da ta ƙi ni a jikin wata?" (Wani, Kawo)

Ka ji tsoron Allah. Wannan ƙazafi ne, ba zan koya maka ba.

"An ce a kasuwa ana tura Photoshop a filashi da araha. In karɓa?" (Ɗaliba, Barnawa)

Ƙanwata, kada ki karɓa. Wannan abu na ci mini tuwo a ƙwarya! Tun 2013 Adobe ta koma tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara, don haka sabon Photoshop da aka ce an sayar miki na har abada, fasasshe ne. Mai turawa zai fara cewa ki kashe antibairos, ke kuma kwamfutar nan ita ke ɗauke da hotunan bikin mutane da bayanan bankinki. Ran da ta kamu, shi ya ci kuɗinsa, ke za ki yi ta yawon neman mai gyara. In kuɗin rijista ya yi miki nauyi, GIMP kyauta ne, Photopea kuma a burauza yake aiki, duk suna da layer da mask.