Direbana na fita da wuri amma kullum sai ya makara a Aliero: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da sito a Birnin Kebbi, ina raba kayan masarufi da mota ɗaya. Mai shagon Kalgo yana karɓar kaya daga 8:00 zuwa 9:00, na Jega daga 8:30 zuwa 10:15, na Aliero kuma in 9:45 ta wuce ya tafi gonar albasarsa. Direba ya ce minti 20 ne zuwa Kalgo, 30 daga Kalgo zuwa Jega, 25 daga Jega zuwa Aliero. Sauke kaya minti 25 a Kalgo, 40 a Jega, 20 a Aliero. Yana fita 7:00 amma ba ya samun na Aliero. Na mayar da fitar 6:30, ba abin da ya canza. Wasa yake min a hanya, ko ni ne ban iya lissafin ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka sassauta wa direbanka, da wannan jerin ko da asuba ya fita ba zai samu mutumin Aliero ba. Ɗauko takarda mu bi motar tasha-tasha.

A kowane shago lokuta uku ake rubutawa. Akwai lokacin isowa, wato lokacin da mota ta baro wurin baya a haɗa da mintocin hanya. Akwai lokacin fara sauke kaya, shi kuwa ana duba isowa da buɗewar shago ne a ɗauki wanda ya fi nisa a cikinsu, don ba a sauke kwali a ƙofar da ke garƙame. Sai lokacin tashi, wato farawa a haɗa da mintocin saukewa. In lokacin farawa ya wuce rufewar mai shago ko a wuri ɗaya ne, jerin bai yiwu ba.

Motarka ta fita 7:00, ta isa Kalgo 7:20. Shago a rufe, sai zaman jira na minti 40, direba na gindin bishiya yana shan shayi. An fara 8:00, an tashi 8:25. Jega 8:55, shago a buɗe, ba jira, an tashi 9:35. Aliero 10:00. An makara da minti 15, mai shago ya riga ya hau babur.

Da ka mayar da fitar 6:30, motar ta isa Kalgo 6:50, jira ya zama minti 70, amma har yanzu 8:00 za a fara, 8:25 a tashi. Rabin awar da ka ƙwace daga barcin direba duk ta ƙare a ƙofar shagon Kalgo. Wannan ne abin da ya fi rikita mutane a lissafin nan: duk inda mota ta yi jira, sammakon da aka yi kafin wurin ya tsaya nan, ba ya tsallakawa gaba. Daga Kalgo zuwa gaba, agogon mai shagon Kalgo ne ke tafiyar da motarka, ba naka ba.

To sai a taɓa jerin. Abin da yawanci ke fara zuwa a rai shi ne a juya shi, a fara da mai nisa. Fita 7:00, a wuce Kalgo da Jega ba tsayawa, Aliero 8:15, tashi 8:35, Jega 9:00, tashi 9:40, Kalgo 10:10. An samu na Aliero, an rasa na Kalgo da fiye da awa guda.

Gwada Kalgo, Aliero, sannan Jega a hanyar dawowa. Tashi daga Kalgo 8:25, minti 55 zuwa Aliero, isowa 9:20, an same shi. Tashi 9:40, Jega 10:05, saura minti 10 a rufe. An gama 10:45, mota ta koma sito 11:35. Kuma da yake ta Jega ake bi a je Aliero a dawo, tafiyar minti 150 ce a tsohon jerin da sabon, ba ƙarin mai ko lita ɗaya. Direba zai wuce shagon Jega da kayansa a mota, zai ji abin wani iri, ka faɗa masa dalili.

Sai dai kafin ka yi murna ka kira mutumin Jega ka tambaye shi me yake nufi da 10:15. A iso kafin lokacin, ko a gama saukewa kafin lokacin? Na lissafa ne a kan isowa. In gamawa yake nufi, dole a fara 9:35, kuma wannan jerin ma ya rushe. Na sha ganin rigima a kan wannan kaɗai, mai kaya na rantsuwa motarsa ta zo a kan lokaci, mai shago na rantsuwa an makara, kowa kuma gaskiya yake faɗa.

Akwai lissafi na biyu da nake so ka saba da shi, wanda ake yi daga ƙarshe a dawo baya, don a san iya lattin da jerin zai ɗauka. Jega dole a fara kafin 10:15. Cire hanya minti 25 da saukewar Aliero minti 20, ka ga dole a fara a Aliero kafin 9:30, ba 9:45 da mai shagon ya faɗa ba. Direban da ya isa Aliero 9:40 zai ga kamar ya ci nasara, alhali ya riga ya rasa Jega. Ka sake cire 55 da 25, dole a fara a Kalgo kafin 8:10, wato fita daga sito kada ta wuce 7:50. Ka ga ashe fitar 7:30 ta wadatar, da ɗan jiran minti 10 a Kalgo.

Ratar minti 10 kuwa ba ta kwantar min da hankali ba. Shingen jami'an tsaro ɗaya mai layi, ko tirela ta lalace a hanya, ta cinye ta. Abin da ya fi ci ma ba hanya ba ce, sauke kaya ne. Minti 25 ɗin nan na Kalgo ya haɗa da ƙirga kwalaye, da musun kwalin da ya fashe, da tsayuwar jiran kuɗin da aka tura ta waya su shigo? Ka sa yaron mota ya riƙa rubuta lokacin isowa da na tashi a kowane shago har mako guda, ka yi lissafi da ranar da ta fi jinkiri, ba da ranar sa'a ba. Mafi sauƙin gyara kuma yana Kalgo: in mai shagon ya yarda yaronsa ya buɗe 7:30, ka koma fitar 7:00, ratar ta tashi daga minti 10 zuwa 40.

In shagunan sun yi yawa, saka su a Excel, kowane shago layi ɗaya. B mintocin hanya, C buɗewa, D rufewa, E saukewa, F isowa, G farawa, H tashi, lokacin fita daga sito kuma a H2:

```
F3: =H2+B3
G3: =MAX(F3,C3)
H3: =G3+E3
I3: =IF(G3>D3,"MAKARA","DAIDAI")
```

Ka rubuta komai da mintoci daga tsakar dare, 8:00 ta zama 480, 9:45 ta zama 585. In ka rubuta 8:00 a matsayin agogo ka ƙara mata 25, Excel kwana 25 zai ƙara ba minti ba, agogon ya ci gaba da nuna 8:00 kamar ba a taɓa shi ba, layin kuma ya ce maka an makara ba gaira ba dalili.