Bidiyon shirin kai tsaye yana dushewa idan na sauke shi

"Assalamu alaikum 'yan gida. Duk Asabar ina shirin kai tsaye a Facebook a kan kiwon kaji. Idan na sauke bidiyon don in sa a YouTube sai in tarar hoton ya dushe, murya tana katsewa, ga masu talla sun cika wajen sharhi. Da kwamfuta nake yi. Ina mafita?"

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Na daɗe ina haska karatun malaminmu na mako-mako, kuma na sha wannan wahalar kafin in gane bakin zaren. Abin da kake saukewa daga Facebook shi ne abin da netwok ɗinka ya iya kaiwa can. Duk inda sabis ya yi rauni, raunin ya zauna a cikin bidiyon ke nan, babu gyaran da zai dawo da shi. Don haka ka riƙa naɗar shirin a kwamfutarka a daidai lokacin da kake haskawa.

Idan da OBS Studio kake aiki, manhajar haskawa da naɗi ce ta kyauta, shiga Settings, sannan Output. A wajen Recording Quality kada ka bar shi a Same as stream, zaɓi High Quality, Medium File Size. A Recording Format kuma ka zaɓi mkv. Wannan na biyun da hawaye na koye shi. Wata rana muna naɗa da mp4, malam ya yi fiye da awa ɗaya yana bayanin gado, aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa dama ya mutu. Fayil ɗin yana nan da nauyinsa amma ya ƙi buɗewa, domin mp4 sai an rufe shi daidai yake rubuta bayanan da ake karanta shi da su. Shi mkv ko an yanke shi a tsakiya, abin da ya shiga ya shiga. Bayan an tashi sai ka je File, Remux Recordings, cikin ɗan lokaci ya koma mp4 ba tare da hoton ya ragu ba. Kuma ka tuna Start Recording maɓalli ne daban da Start Streaming.

Shi kansa haskawar, kada ka yi kwaɗayin 1080p. Mu 720p muke yi a kan 2500 Kbps, yana cin data kusan giga 1.2 a awa. Kafin mu fara nakan gwada ƙarfin turawa na netwok, ba ƙarfin saukewa ba. Idan bai kai ninki biyu na abin da zan tura ba, sai in rage zuwa 1500. Idona kuma yana kan Dropped Frames a ƙasan allon OBS, wato adadin hotunan da suka kasa tafiya. Idan lambar tana hawa, netwok ne. Idan ba ta motsi amma hoto yana sarƙewa, kwamfutar ce ta gaji.

Batun sharhi kuwa, mai magana ba zai iya tsaron ƙofa ba. Ka samu mutum ɗaya amintacce ka ba shi ikon gogewa da toshewa, ku kuma yarda tun kafin a fara: mai talla da mai liƙa lambar waya a goge nan take, mai zagi a toshe, wanda ya saɓa maka da ladabi a bar shi, sau da yawa tambayarsa ce ta fi amfani. Kalmomin da 'yan damfara suka saba da su ka sa su a jerin kalmomin da aka hana, har da yadda mutanenmu suke rubuta su ba ƙa'ida.

Amma babban aikin wannan mutumin a wajenmu takarda da biro ne. Yana kallon agogon naɗi yana rubutawa: minti 14 an shiga magana, minti 37 tambaya mai kyau, minti 52 janareta ya yi ƙara. Da wannan takardar nake yanka, ba sai na sake zama na kalli awa biyu ba. Kai ma ka taimaki kanka: kowace tambaya ka karanta ta da ƙarfi kafin ka amsa, don wanda zai kalla bayan wata shida ba ya ganin sharhin. Gaishe-gaishen "Alhaji barka da shigowa" ka tara su a farko da ƙarshe, su fita a yanka ɗaya.

Idan ka ɗora a YouTube, lokutan da ke takardar nan su ne babobin bidiyonka. Ka jera su a wajen bayani, na farko ya zama 00:00, su kai aƙalla uku, kowanne kada ya gaza daƙiƙa 10. Tsofaffin shirye-shiryenka ma ka sauke su yau, domin tun Fabrairun 2025 Facebook yake goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30.