Kafin a sayi magani, a buɗe mushen a gani

Tambaya daga wata Hajiya a Tumfure, Gombe: "Burolas ɗina 300 suna mako huɗu. Shekaranjiya huɗu suka mutu, jiya goma sha ɗaya, yau ashirin da uku. Suna takurewa, suna farin kashi. Mai shagon magani ya rubuta mini kala biyar in haɗa musu. Wanne zan fara saya? Wallahi ko barci ba na yi."

Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ki kwantar da hankalinki, amma kada ki sayi ko ɗaya tukuna. Wanda ya rubuta kala biyar alhali bai ga cikin kazar ba, laluben duhu yake yi da kuɗinki. A wannan shekarun cututtuka uku ne suka fi yin irin wannan kisa, wato Gumboro, koksi da Nukasil, kuma ɗaya ce kawai daga cikinsu take da magani. Mushen ne zai faɗa miki wacce ce.

Ki kira likitan dabbobi ya zo, ko ki kai masa. Idan babu hali sai a gida, ki zaɓi uku zuwa biyar waɗanda ba su wuce awa biyu ko uku da mutuwa ba. Da zafin Gombe, wadda ta kwana ta riga ta fara ruɓewa, hantarta ta yi laushi, hanjinta ya yi kore, duk abin da aka gani a cikinta yaudara ne. Kaza ɗaya ma ba ta isa ba. Ciwon da ya maimaitu a cikin uku ko huɗu shi ne na garke. A yi aikin nesa da ɗakin kaji da wajen girki, da safar hannu da takunkumi, yara su kauce.

A jiƙa gashin da ruwan sabulu don kada ya riƙa tashi. A kwantar da kazar rigingine, a yanka fatar da ke tsakanin cinya da ciki ta kowane gefe, a danna cinyoyin waje har su goce ta kwanta sosai, sannan a ja fatar ƙirji zuwa wuya. A nan a dakata a duba naman. Ɗige-ɗigen jini ko zane-zanensa a tsokar cinya da ƙirji, tare da nama mai duhu da ya bushe, yana nuni ga Gumboro. Daga nan a yanka ƙasan ƙashin ƙirji da almakashi, a datse haƙarƙari ta gefe biyu, a ɗage ƙirjin. Kafin a taɓa komai a kalli zuciya da hanta. Idan wani farin abu mai kauri ya lulluɓe su, kuma siraran jakunkunan iska da ya kamata su kasance garau sun yi dishi-dishi, to ƙwayar bakteriya ta shiga, galibi a bayan mura.

Wurare uku ne za su raba miki gardama. Na farko yana can ƙarshe, a saman dubura ta wajen baya: wata 'yar jaka zagayayya da likitoci ke kira bosa. A lafiyayyar kaza fara ce, cikinta ninki-ninki ne masu tsabta. Idan Gumboro ce, a kwanakin farko takan kumbura kusan ninki biyu, wani ruwa mai yauƙi ruwan ɗorawa ya kewaye ta, cikinta da jini ko farin daskararren abu. Ƙoda ma takan kumbura ta yi fari-fari. Bayan kamar mako guda jakar takan motse ta ƙanƙance, shi ya sa wanda ya makara ba ya ganin kumburin.

Na biyu, inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba akwai wasu 'yan hanji biyu dogaye marasa mafita. Idan an tsaga su an tarar sun cika da jini, ɗanye ko daskararre, kuma naman kazar ya yi fari fat, koksi ce. A tushen waɗannan 'yan hanji akwai ƙananan kaluluwa. Su kuma idan sun kumbura sun yi gyambo mai jini, hankali ya koma kan Nukasil.

Na uku shi ne ƙaramin tumbin da ke gaban ƙundu. A tsaga shi, a wanke a hankali, a duba a cikin haske. Ɗigon jini a kan 'yan tsirayen da ke cikinsa, tare da gyambo a bangon hanji, koren zawo da wasu kaji masu murɗaɗɗen wuya, hoton Nukasil ke nan, wadda ta fi ƙamari da hunturu. Gumboro ma takan sa jini, amma a bakin mahaɗar tumbin da ƙundu. Wannan kamanni ne ya sa ido kaɗai ba ya yanke hukunci, sai ɗakin gwaji ya tabbatar.

Mako huɗu, farin kashi, da mutuwar da ke ninkawa kullum, duk sun fi karkata ga Gumboro. Idan jakar nan ta kumbura a cikin uku daga biyar, to babu ɗaya cikin kala biyar ɗin da zai kashe cutar, domin bairos ce. Mutuwar takan kai ƙololuwa a rana ta uku ko ta huɗu, ta sauka cikin mako guda. Abin da zai taimaka shi ne ruwa mai tsabta da bitamin da gishirin ƙara ƙarfi, busasshiyar shimfiɗa, da rage cunkoso. Ki guji magunguna masu salfa, suna ƙara wa ƙodar da ta riga ta jigata nauyi. Idan kuwa jini aka samu a 'yan hanjin nan, amfuroliyom a ruwan sha bisa ma'aunin da ke jikin kwalinsa, da sauya jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, ya wadatar.

Wannan ɗabi'a ta haɗa magunguna barkatai tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mai kiwo zai ji ƙyashin kuɗin ganin likita, amma ya kwashi ninkinsa ya kai shago, ya dawo da leda cike da saceti, wani an kankare ranar ƙarewarsa, wani babu lambar hukumar NAFDAC, wani ya sha rana a kan tebur wata da watanni. Ya zuba duka a mazubi ɗaya, ruwan ya yi ɗaci, kajin da ƙishirwa ke kashewa su ƙi sha. Idan mutuwa ta lafa don kanta a rana ta bakwai, sai a ce maganin ne ya yi aiki, a sake saye a zubi na gaba. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba: kazar da aka ɗura wa maganin bakteriya kwana uku, idan an kai ta gwaji sau da yawa ƙwayar ba ta tsirowa, sakamako ya fito babu komai. Haka rigakafi. Kwalbar rigakafin Gumboro ko ta Lasota, wato rigakafin Nukasil, da aka ɗauko daga firjin da ya kwana babu wuta, aka sa a aljihu aka hau acaɓa da tsakar rana, sannan aka dama da ruwan famfo mai kulorin, ba za ta kare komai ba. Ki tambayi kanki a ina aka sayi kwalbar rigakafinki, kuma a cikin me aka kawo ta.

Tambaya daga wani malami a Azare: "Na sa mushe shida a firiza, zan ba direba ya kai Vom ranar Juma'a. Na yi daidai?"

Malam, ka yi daidai da ka nufi Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, amma firiza da Juma'a duk ban yarda da su ba. Daskarewa tana farfasa ƙwayoyin nama, mai duba su a madubin likita ba zai ga siffarsu ba, kuma idan mushen ya narke launinsa yakan rikice. Sanyin firji ake so, wajen digiri 4. Ka samo sababbin mutuwa uku zuwa biyar waɗanda ba a buɗe ba, ka jiƙa su da ruwan sanyi don zafin jiki ya fita, kowacce a leda biyu a ɗaure, a jera a kula da ƙanƙara ta ko'ina, a liƙe murfin. Su isa cikin awa 24, kada su wuce 48. Ka tura Litinin ko Talata, bayan likitanka ya yi waya an san suna tafe.

Idan likita ya buɗe su a nan, zai raba samfurin gida biyu. Hanta, saifa, huhu, maƙogwaro, bosa da ƙwaƙwalwa, kowanne a kwalbarsa mai tsabta a cikin sanyi, hanji kuma a ɗaure bakinsa biyu a ware shi dabam. Kashi na biyu yanka-yanka ne da kaurinsu bai wuce santimita ɗaya ba, a haɗa da gefen lafiyayyen nama, a tsoma a fomalin mai kashi 10 cikin ɗari, ruwan ya ninka naman sau goma. Wannan ba ya son ƙanƙara.

Takarda ta bi su a cikin ledarta: shekarun kaji, yawansu, mutuwar kowace rana, ranakun rigakafi, sunan duk maganin da aka ba su, ranar da aka sauya abinci, da lambar waya. Idan ana zargin masara mai fumfuna, a haɗa da rabin kilo na abincin a takarda, kada a sa a leda.

Tambaya daga wani mai gona a Toro: "Masu ƙwai 70 suka mutu a dare ɗaya, zankonsu ya yi baƙi, fuska ta kumbura, ƙwaurinsu ja kamar an ƙuje. Wace wuƙa da almakashi zan saya in duba?"

Alhaji, kada ka sayi komai, kada ka buɗe ko ɗaya. Alamun nan sun yi kama da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a 2006, kuma tana iya kama mutum. Ka rufe gonar yau: kada kaza, ƙwai, kiret ko taki ya fita, kada baƙo ya shiga. Ka kai rahoto ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha, su ne masu kayan kariya da ikon ɗaukar samfur. Ma'aikacin da ya taɓa su, idan ya ji zazzaɓi ko tari, ya je asibiti ya faɗi aikin da yake yi.

Tambaya daga wani matashi a Kumo: "Waɗanda aka buɗe aka ga namansu da kyau, ba za a iya ba mai gashi a rage asara ba?"

A'a. Mushe ne, haram ne, kuma cuta ce za ka kai wa jama'a. Ka ƙona su ƙurmus, ko ka haƙa rami mai zurfin kamar mita biyu nesa da rijiya ka binne su tare da safar hannun da ledar da aka shimfiɗa, yadda kare ba zai tono ba. Almakashin da takalmanka a wanke da sabulu, a jiƙa a maganin kashe ƙwayoyin cuta, kai ma ka yi wanka ka sauya kaya kafin ka sake shiga wajen masu rai.